Maki Takwas a Layi Ɗaya: Wasiƙar Neman a Sake Duba Takardar Lissafi

Duk ƙarshen zangon karatu, da zarar an liƙa sakamakon jarrabawa a allon sanarwa, ƙofar ofishin malaman lissafi ba ta rabuwa da ɗalibai. Yawancinsu magana ɗaya ke tafe da su: "Malam, a taimaka." Wani zai ce ya kwana yana karatu, wani zai ce abokinsa da bai kai shi ƙoƙari ba ya fi shi maki, wani kuma zai kawo maganar rashin lafiyar mahaifiya. Ko da duk gaskiya suka faɗa, babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da malami zai iya rubutawa a gefen takardar jarrabawa ya ƙara maki da shi. Kaɗan ne suke zuwa da 'yar gajeriyar wasiƙa mai cewa: tambaya ta 4, layi na uku, ga abin da na rubuta, ga kuma hujjar da ta sa nake ganin daidai ne. Irin wannan wasiƙa ce malami yake iya aiki da ita, domin a lissafi ana iya gwada gaskiyar magana a kan tebur cikin 'yan mintoci.

A ɗauki misalin wata ɗaliba 'yar aji ɗaya a wata jami'ar Najeriya, wadda ta rubuta jarrabawar MTH 102, kwas ɗin da ɗaliban kimiyya da injiniyanci ke fara haɗuwa da kalkulas a cikinsa. Ta samu 54 cikin 100. A ma'aunin da yawancin jami'o'in ƙasar ke bi, 70 zuwa sama A ne, 60 zuwa 69 B, 50 zuwa 59 kuma C. Sashensu na daga cikin waɗanda ke ba ɗalibi dama ya ga takardarsa a gaban malami, don haka ta je ta gani. A tambaya ta 4, mai maki 10, ta samu 2 kacal. Jan biro ya soke layi na uku, kuma daga nan har ƙarshen amsar sifili ne.

Ga abin da tambayar ta nema: a nemo y idan dy/dx = sin x cos x, bisa sharaɗin cewa y = 0 a lokacin da x = 0.

Kafin a gane abin da ya faru a layin nan na uku, sai an san abubuwa biyu da kalkulas ya ginu a kansu. Na farko shi ne difarenshiyeshan, wato a ba ka yadda abu yake tafiya, kai kuma ka fito da saurin canjawarsa. Na biyu shi ne intigireshan, wanda yake komawa baya: a ba ka saurin canjawar, ka fito da abin da yake canjawar. Alamarsa ita ce ∫, wadda Gottfried Leibniz ya fara amfani da ita a rubuce-rubucensa a 1675. Tun zamaninsa da na Isaac Newton aka tabbatar cewa kowanne daga cikin ayyukan biyu yana warware ɗan'uwansa, kuma wannan ne makamin ɗalibar, kamar yadda za a gani.

Sai dai komawa bayan yana da wani gibi. A ce motoci biyu sun kama hanyar Zariya a lokaci ɗaya, ɗaya ta tashi daga Kano, ɗaya daga Kwanar Dangora, kuma gudunsu ɗaya ne a kowane lokaci: in wannan ta rage, waccan ma ta rage. Wanda yake kallon agogon gudu kawai ba zai ga wani bambanci tsakaninsu ba. Zai iya lissafa kilomita nawa kowacce ta ci, amma ba zai iya cewa ga inda take ba sai an faɗa masa daga inda ta taso. Tazarar da ke tsakaninsu kuwa tana nan yadda take har su tsaya. Shi ya sa duk amsar intigireshan ake ƙara mata "+ C" a ƙarshe. Wannan C lamba ce da ba ta canjawa, tana tsaye a madadin wurin tashin da ba a faɗa ba. Sharaɗin da aka bayar a tambayar, y = 0 idan x = 0, shi ne yake faɗin wurin tashin, da shi ake gano ko nawa ce C.

Malamin da ya tsara jarrabawar ya bi hanyar da aka fi koyarwa a aji, hanyar musanya. Ya ce u = sin x, saboda haka du = cos x dx. Tambayar ta koma ∫ u du, wadda amsarta u²/2 ce. Da ya mayar da sin x wurinsa, ya samu y = ½ sin²x + C. Ya saka sharaɗi: sin 0 sifili ne, don haka C = 0. Amsar da ke cikin tsarin rabon makinsa ke nan: y = ½ sin²x.

Ita kuwa ɗalibar cos x ta zaɓa. Ga aikinta kamar yadda yake a takarda:

```
u = cos x,  du = −sin x dx
∫ sin x cos x dx = −∫ u du
y = −½ cos²x + C
0 = −½ + C,  C = ½
y = ½ − ½ cos²x
```

Mai duba takardar ya kalli tsarin rabon maki ya ga sin²x, ya kalli takardarta ya ga cos²x da alamar ragewa a gabansa. Ya duba ƙasa ya ga C = ½ alhali a wurinsa C = 0. Abubuwa biyu sun saɓa, sai ya ja biro. Ya bar mata maki 2 na yunƙurin musanya, ya wuce takarda ta gaba.

Amsarta daidai take ɗari bisa ɗari. Akwai wata ƙa'ida da ake koya tun a sakandare, cewa sin²x + cos²x = 1 ga kowace kusurwa. Ke nan 1 − cos²x shi ne sin²x, kuma ½ − ½ cos²x ba komai ba ne illa ½ sin²x a wata kama. Mai shakka yana iya ɗaukar kalkuleta. A digiri 30, sin rabi ne, in an ninka shi da kansa ya zama 0.25, rabinsa 0.125: amsar malam ke nan. Cos²x a digiri 30 kuwa 0.75 ne, rabinsa 0.375, in an cire daga 0.5 saura 0.125: amsar ɗaliba ke nan. A digiri 60 duka biyun 0.375 suke bayarwa. Kafin a saka sharaɗi, amsoshin biyu sun bambanta da rabi cif a kowace kusurwa, kuma wannan rabin ne C ɗinta ta cike. C ɗin malam da C ɗin ɗaliba ba dole ne su zo ɗaya ba, tunda ba a jikin abu ɗaya aka rataya su ba.

Ba sai an zargi mai dubawar da mugunta ba. Ajin MTH 102 a manyan jami'o'i yakan tara ɗaruruwan ɗalibai daga sassa daban-daban, a raba takardun ga malamai da yawa, har da ƙananan malamai masu karatun digiri na biyu, a kuma ba su 'yan kwanaki su gama. Wanda ya duba takarda ɗari biyu ya ga sin²x a kusan kowacce, idonsa yakan koma neman kamannin amsa maimakon bin aikin. Kuskure ne na gajiya da gaggawa, amma maki takwas ɗin da ya tafi na wata ce, kuma tana da haƙƙin nemansa.

Maki takwas ba ƙaramin abu ba ne a nan. Daga 54 zai kai ta 62, wato daga C zuwa B. A ma'aunin maki biyar, B tana da 4, C tana da 3. In kwas ɗin nauyinsa 3 ne, B za ta ba ta 12, C kuma 9. In ta yi rajistar kwasa-kwasai masu jimlar nauyi 40 a shekarar, bambancin ukun nan ya zama 0.075 a CGPA ɗinta. Mai 3.45 zai koma 3.525, ya ƙetare 3.50, iyakar da ke raba babban mataki na biyu da ƙaraminsa.

Abin da wasiƙar ta ƙunsa

A jami'o'in Najeriya da Turanci ake rubuta irin wannan wasiƙa. A samanta akwai kwanan wata, lambar rajista, sunan kwas da lambarsa, da zangon da aka yi jarrabawar. Abin da ke cikinta kuwa bai wuce wannan ba:

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a sake duba amsata ta tambaya ta 4 a jarrabawar MTH 102, inda na samu maki 2 cikin 10. An soke layi na uku, inda na rubuta y = −½ cos²x + C. Na yi musanya ne da u = cos x a maimakon u = sin x. Idan aka yi difarenshiyeshan na −½ cos²x, ana samun −½ × 2 cos x × (−sin x), wato sin x cos x, abin da tambayar ta bayar. Amsata ta ƙarshe, ½ − ½ cos²x, daidai take da ½ sin²x, tunda sin²x + cos²x = 1, kuma ta cika sharaɗin y = 0 idan x = 0. Ina roƙon a duba makin layi na uku zuwa na biyar. Idan akwai wani kuskure da ban lura da shi ba, zan so Malam ya nuna mini. Na gode."

Ƙarfin wasiƙar yana cikin jimla ta huɗu. Intigireshan yana da wuya, kuma hanyoyinsa suna da yawa, amma gwada amsarsa abu ne mai sauƙi: a yi mata difarenshiyeshan, in abin da aka fara da shi ya dawo, to amsar ta tsaya. Ɗalibar ba ta nemi malam ya yarda da ita don ladabinta ko don ƙoƙarinta ba. Ta ajiye masa layi ɗaya da zai iya bi da bironsa kafin shayinsa ya huce. Ta kuma kawo ƙa'idar sin²x + cos²x = 1, ba ta tsaya ga gwajin kalkuleta ba, kuma ta yi daidai da hakan. Gwada kusurwa biyu ko uku yana kwantar wa mutum da hankali kafin ya ɗauki biro, amma ba hujja ba ce a wurin masanin lissafi, domin amsoshi biyu na iya haɗuwa a wasu wurare su rabu a wasu.

Abin da ta bari ma yana da muhimmanci. Ba ta ambaci sunan wata ƙawa da ta fi ta maki ba, domin hakan sai ya jawo wa ƙawar bincike ba tare da ya ƙara wa maganarta komai ba. Ba ta ce saura maki shida ta samu B ba. Malami da ya ga an fara da lissafin abin da ake buƙata, yakan ɗauka roƙo aka zo yi aka lulluɓe shi da hujja. Ba ta ce an zalunce ta ba, ko da zuciyarta na faɗa mata haka, tunda mai yiwuwa wanda zai karanta wasiƙar shi ne ya ja biron, kuma ba a son a sa shi ya fara kare kansa kafin ya kalli lissafin. Jimlarta ta ƙarshe, cewa a nuna mata in da kuskure, ba ladabin baki kawai ba ne. Ɗalibai da dama sukan zo da tabbaci, sai a nuna musu wani abu a layi na biyu da ba su taɓa lura da shi ba.

Idan kuskuren na gaske ne

Ba kowane mai ƙorafi ne yake da gaskiya kamar wannan ɗaliba ba, kuma a nan ne ake buƙatar mutum ya faɗa wa kansa gaskiya. A ce akwai wani ɗan ajinsu da shi ma ya zaɓi u = cos x, amma ya manta alamar ragewa, ya rubuta du = sin x dx. Sai ya samu y = ½ cos²x + C, ya saka sharaɗi daidai yadda ake sakawa, ya samu C = −½. Amsarsa ta ƙarshe ita ce ½ cos²x − ½. In ya gwada ta a digiri 30 zai ga −0.125, girman lambar daidai, alamarta a juye. In ya yi mata difarenshiyeshan zai samu −sin x cos x, ba abin da aka tambaya ba. Amsarsa ba daidai ba ce, kuma wasiƙar da za ta ce daidai ce ta mutu tun kafin a gama karanta ta.

Duk da haka yana da abin faɗa, saboda yadda ake rabon maki a lissafi. Duk wanda ya taɓa duba takardun lissafi na WAEC ya san alamomin M da A da B. M makin hanya ne, ana bayar da shi idan ɗalibi ya bi hanyar da ta dace, ko da ya yi tuntuɓe a lamba. A makin daidaiton amsa ne, kuma ba a samunsa sai an samu M ɗin da yake rataye da shi. B maki ne mai zaman kansa. A tsarin hukumomin jarrabawa irin su Cambridge akwai kuma alamar "ft", wadda ke ba mai dubawa damar bin ɗalibi da lambarsa ta kuskure ya ga ko abin da ya yi da ita daga baya daidai ne, don kada a hukunta shi sau biyu a kan tuntuɓe ɗaya. Akwai kuma "oe", mai nufin a karɓi duk amsar da ta yi daidai da wadda aka rubuta ko da kamanninta daban. Da tsarin malamin MTH 102 yana da wannan alama a gefen ½ sin²x, da wataƙila ɗalibar ba ta rubuta wasiƙa ba. Malaman jami'a ba dole ne su yi amfani da waɗannan haruffa ba, kowa da yadda yake tsara nasa, amma da yawansu sun san tsarin kuma suna bin hikimarsa.

A ce makin goman nan an raba shi kashi biyar, kowanne 2: musanya, yin intigireshan na u, amsar farko tare da C, saka sharaɗi, da amsar ƙarshe. Uku daga ciki makin hanya ne, biyu na daidaito. Ɗalibin da ya yar da alamar ragewa ya rasa na daidaiton duka biyu, babu gardama. Amma ya yi musanya, ya san ∫ u du tana ba da u²/2, ya kuma saka sharaɗi yadda ya kamata. Yana da hujjar neman 6, ko 5 in malam ya ga dama ya cire ɗaya saboda du ɗin da ya gurɓata. In 2 aka ba shi, kuma jimlarsa 37 ce, to maki uku ko huɗun nan su ne tsakaninsa da kariyoba a jami'ar da ake cin jarrabawa da 40.

Wasiƙarsa dole ta fara da amsa laifi: na yar da alamar ragewa a layi na ɗaya, na san amsata ta ƙarshe ba daidai ba ce, ba kuma makinta nake nema ba. Sannan ya nuna cewa kowane layi bayan nan ya biyo na gabansa daidai, ya tambaya ko tsarin rabon makin ya tanadi makin hanya. Tambaya ce yake yi, domin bai ga tsarin ba, kuma akwai malaman da suke ɗaure makin wani mataki da daidaiton wanda ya gabace shi. In haka aka yi wa kowa a ajin, ba shi da abin cewa. Abin da ba zai karɓu ba shi ne a ba wani makin hanya a hana wani, a kan aiki iri ɗaya.

Akwai kuma na uku, wanda ya fi kowa yawa a bakin ƙofar ofis. Shi ya yi intigireshan na sin x shi kaɗai ya samu −cos x, ya yi na cos x ya samu sin x, ya ninka su ya rubuta −sin x cos x + C. A ganinsa shi ma "mataki ɗaya" ya kuskure. Amma wannan ba tuntuɓen hannu ba ne. Babu wata ƙa'ida da ta ce intigireshan na abubuwa biyu da aka ninka shi ne a yi wa kowanne nasa sannan a ninka, kuma gwajin difarenshiyeshan zai ba shi sin²x − cos²x, abin da bai ma yi kama da tambayar ba. Abin da ake so a gani ko ya iya, shi ne bai iya ba. Iyakar abin da zai iya samu shi ne makin saka sharaɗi. Wannan ɗalibi ya fi amfana da ya je ya ce a koya masa, da ya rubuta wasiƙar neman ƙarin maki.

Gwajin da zai raba ukun nan ɗaya ne, kuma ɗalibi zai iya yinsa a ɗakinsa. In difarenshiyeshan ya dawo da tambayar daidai, amsar ta tsaya. In ya dawo da ita amma alama ta juye ko wata lamba kamar 2 ko ½ ta maƙale, galibi tuntuɓe ne a cikin hanya mai kyau. In wani abu dabam ya fito, hanyar ce ta ɓace.

Lokaci da hanyar da takarda ke bi

Wasiƙa mai kyau ma tana iya zuwa a makare. Sakamakon jarrabawa a jami'a yana bin matakai: daga malami zuwa jami'in jarrabawa na sashe, zuwa taron malaman sashe, zuwa na tsangaya, sannan Majalisar Dattawan jami'a ta amince da shi. Kafin ya bar sashe, gyara abu ne na malami da jami'in jarrabawa da shugaban sashe. Bayan Majalisar ta sa hannu kuwa, malami ba shi da ikon canja ko maki ɗaya shi kaɗai, ko da ya yarda ɗari bisa ɗari cewa an yi kuskure. Sai ya rubuta takardar neman gyara ta bi matakan nan, ko kuma ɗalibi ya shigar da ƙorafi a hukumance ta hannun shugaban sashe. A jami'o'i da yawa wannan hanyar ta biyu tana da kuɗin da ake biya da wa'adin da ba a wucewa, kuma akan ba wani masani dabam takardar ya duba, wani lokaci daga wata jami'ar. Ƙa'idar kowace jami'a tana cikin littafin dokokin ɗalibai da ake rabawa a shekarar farko, kuma shi ya kamata a fara buɗewa.

Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, sake dubawa a hukumance yawanci takardar gaba ɗaya take shafa, ba tambaya ɗaya ba. Sabon mai dubawa zai iya mayar da takwas ɗin tambaya ta 4, ya kuma gano cewa an yi sassauci a tambaya ta 2 ya rage. Wanda zai shiga wannan hanya sai ya fara zama ya bi duk amsoshinsa da gaskiya.

Ba kuma kowane sashe ne ke nuna wa ɗalibi takardar jarrabawarsa ba. A wurare da dama takardar gwajin tsakiyar zango kaɗai ake mayarwa. Wanda bai ga takardarsa ba kada ya rubuta cewa an soke masa layi kaza, tunda bai gani ba. Sai ya sake yin aikin kamar yadda yake tuna ya yi shi, ya haɗa da wasiƙar, ya ce ga hanyar da ya bi, yana roƙon a duba ko an karɓe ta. Wanda kuma aka mayar wa takardar gwaji, kada bironsa ya taɓa ta. Ƙara "+ C" ɗaya ko gyara alama bayan an duba, maguɗin jarrabawa ne, hukuncinsa kuma ya fi rasa maki takwas nesa ba kusa ba. Duk bayanin da za a yi, a yi shi a wata takarda dabam. Haka nan turo kawu ko wani babba ya yi magana, ko zuwa da 'yar tsaraba, yana lalata ƙorafin da da zai tsaya da ƙafarsa, yana kuma sa malami mai gaskiya a tsaka mai wuya.

Akwai tsoron da ke hana ɗalibai da dama buɗe baki: kada malam ya riƙe mutum a zuciya, ga sauran shekaru uku ko huɗu a gaba. Ba tsoron banza ba ne, kuma ba adalci ba ne a ce wa yarinya 'yar shekara goma sha takwas ta yi kamar babu shi. Amma shi ma dalili ne na yin abin a rubuce, cikin ladabi, a ajiye kwafi mai kwanan wata. Magana a baranda tana iya zama ka-ce-na-ce. Takarda mai layin difarenshiyeshan a jikinta kuwa, duk malamin lissafin da ya gan ta a sashen zai karanta abu ɗaya ne. Malamai da yawa ma farin ciki suke yi da irinta, domin ɗalibar aji ɗaya da ta gane cewa amsoshi biyu masu kamanni daban na iya zama ɗaya ta fahimci abin da kwas ɗin yake son koyarwa.

Nauyi mafi girma yana kan malamin da wasiƙar ta gamsar. In amsar wannan ɗaliba daidai ce, to ta duk wanda ya zaɓi u = cos x ya kuma riƙe alamarsa daidai ce, kuma yawancinsu ba za su rubuta komai ba: wasu ba su ga takardunsu ba, wasu sun ɗauka su ne suka yi kuskure. Gyara wa mai ƙorafi ita kaɗai ya zama an saka wa ƙarfin hali ne, ba ilimi ba. Abin da ya dace shi ne a gyara tsarin rabon makin, a sanar da duk waɗanda suka yi dubawar, a ciro takardun da aka ba ƙaramin maki a tambaya ta 4 a sake kallonsu. Aikin bai kai yadda ake tsoro ba, domin alamar tana bayyane: duk inda aka ga C = ½ tare da −½ cos²x, a tsaya a duba. Akwai ma hanya ta uku da wasu za su bi, su mayar da sin x cos x ya zama ½ sin 2x, su samu y = −¼ cos 2x + C. Su C ɗinsu ¼ za ta fito, kuma a digiri 30 amsarsu 0.125 ce, daidai da ta malam. Su ma goma ɗinsu cikakke ne.